Babur a cikin yashi: a ja totur ko a saki?

Ɗan Maigatari: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanyar ƙauye. Boksa ce da ni, kuma hanyar da nake bi akwai wani kwari da ruwa ke bi da damina, yanzu ya bushe ya zama rairayi zalla, tsawonsa zai kai mita 60. Da zarar tayar gaba ta shiga sai kan babur ya fara rawa, hagu da dama, kamar zai ƙwace daga hannuna. In na saki totur sai ya ƙara tsananta. Yawanci da buhu ɗaya nake a baya, wani lokaci da mutum. Mene ne daidai?

Autan Gumel: Wa alaikumus salam. Gudu ne maganin yashi, yayana. Ka taho da wuta tun daga nesa, ka shige a giya ta uku ko ta huɗu, kafin yashin ya kama ka ka fita. Masu tafiya a hankali su ne suke faɗuwa.

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Auta, rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin kuma shi ne yake karya ƙafa. Abin da yashi yake so shi ne babur ya kasance yana ja, kuma ja daban, gudu daban.

Ɗan Maigatari, abin da ka gani da kanka shi ne asalin maganar. Duk lokacin da ka saki totur ko ka taɓa birki, nauyin babur da naka da na buhun yana gangarowa gaba. A kan kwalta wannan ba matsala ba ce, don ƙasa tana da tauri. A cikin rairayi kuwa, tayar gaba sai ta nutse, ta fara tura yashi a gabanta kamar garma. Yashin da ya taru gabanta shi ne yake karkata ta gefe, kai kuma ka mayar da ita da ƙarfi, ta wuce ɗaya gefen, rawar ta ƙaru ke nan. In kana jan totur kuwa, nauyi yana komawa baya, tayar gaba ta yi sauƙi ta hau saman yashin.

Don haka duk rage gudun da za ka yi, ka gama shi a kan ƙasa mai tauri, kafin bakin kwarin. Ka sauko giya ta biyu tun da sauran kamar mita 10, ka saki kuloci gaba ɗaya, ka shiga kana tafiyar kilomita 20 a awa ko ƙasa da haka kaɗan. Da tayar gaba ta taɓa yashi sai ka fara ƙara totur sannu a hankali, yadda ƙarar injin za ta riƙa hawa kaɗan-kaɗan har ka fita. In ka shiga da 20 ka fita da 25 ko 30, ka yi daidai. Wanda ya shiga da 50 ba shi da abin ƙarawa, ragewa kawai ta rage masa, kuma ragewar ita ce mai kayarwa.

Autan Gumel: To Baba ai ni ma abin da nake faɗa ke nan, kada a tsaya.

Baban Hanifa: A'a ɗana, kai ka ce a shiga da giya ta huɗu. Injin Boksa ƙarami ne. A giya ta huɗu in yashi ya riƙe tayar baya, injin zai yi ƙasa, ya fara shaƙewa, dole ka canza giya a tsakiyar kwarin. Canza giya kuwa sai ka kama kuloci, kuma a wannan ɗan daƙiƙa guda da tayar baya ta daina ja, gaba zai nutse. Ga shi kana cikin gudu. Wanda ya faɗi yana tafiyar 20 yakan tashi ya kakkaɓe riga, na 50 kuwa ta saman kan babur yake wucewa.

Na Maradi: Gaisuwa ga manya. Mu nan da moto muke ƙetare gulbi duk rani, kuma maganar Baba haka take. Amma akwai abin da ba a taɓo ba, shi ne hannu. Mafi yawan masu faɗuwa sun ƙanƙame kan moto ne. Tayar gaba a cikin rairayi dole ta yi ɗan yawo, tana neman hanyarta, kuma in ka bar ta za ta dawo daidai da kanta muddin moto na ja. In ka sandare hannu, duk motsin da taya ta yi sai ya shiga jikinka, jikinka ya mayar wa moto, har totur ɗin ma ya riƙa motsi a hannunka ba da saninka ba. Ka matse tanki da gwiwoyi, ƙarfinka ya koma can. Hannu kuwa ya yi laushi, gwiwar hannu a ɗan buɗe, ba a manne da haƙarƙari ba.

Sai ido. Kada ka kalli tayar gaba. Ka kafa ido a bakin fita, can inda ƙasa mai tauri ta fara. Inda ka kalla nan moto ke zuwa, wanda ya zuba wa kututture ido shi yake karo da shi.

Ɗan Maigatari: Na gode ƙwarai. To zama fa? Wasu sun ce a miƙe tsaye a kan matakin ƙafa, wasu sun ce a sauke ƙafafu biyu suna jan ƙasa.

Baban Hanifa: Masu tseren babur a sahara tsaye suke yi, kuma suna da dalili: in ka tsaya, babur yana rawa a ƙarƙashinka ba tare da ya ɗauki jikinka ba. Amma baburansu dogaye ne, kansu a sama yake. Boksa kanta gajere ne, in dogon mutum ya miƙe a kanta sai ya rusuna, nauyinsa ya sauka a kan hannu, wato a kan tayar gaba, abin da muke gudu ke nan. Ga buhu a baya da ya hana ka ja da baya. Abin da ya fi dacewa da irin baburanmu shi ne ka zauna, ka matsa baya gwargwadon yadda kaya suka bari, ko da tafin hannu guda ne, ka danna matakan ƙafa da ƙarfi har ka ji mazauninka ya yi sauƙi a kan kujera. Da ƙafa ake juya babur a yashi: ka danna matakin dama ya karkata dama, ka danna na hagu ya dawo.

Sauke ƙafa kuwa ba na goyon bayansa. Da ka ɗauke ƙafa daga mataki ka rasa birkin baya, ka rasa matse tanki, nauyinka duka ya koma kan kujera yana lilo. Kuma in ƙafa ta kafe a yashi babur yana tafiya, matakin fasinja ko buhun da ke baya zai daki ƙwaurinka.

Na Maradi: Nan kam Baba zan ɗan saɓa maka. In moto na tafiya sosai, ƙafa a mataki, babu gardama. Amma akwai rairayi mai zurfin da ƙaramar moto mai ɗauke da kilo 100 na gero ba za ta taɓa hawa samansa ba, komai jan totur. A nan giya ta ɗaya ce, tafiyar mutum a ƙasa, ƙafafu biyu suna dafa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗin shi ne ka aje ƙafa a gaba ka ɗauke ta kafin ta wuce bayan kujerarka, kada ka bar ta tana jan ƙasa. Haɗarin yana tsakiya ne, wato mutum yana tafiyar 25 kuma ƙafafunsa a sake.

Baban Hanifa: In da kilo 100 ne ni sai in ce a sauka a tura. Amma na yarda da kai cewa tsakiyar ita ce mafi muni.

Oga Bakanike: Ku bari in shigo ta ɓangaren da nake gani a gareji. Kafin a yi maganar zama, a duba iskar taya. Masu faci da yawa da yatsa suke gwadawa, su cika taya ta yi tauri kamar dutse, in ka sa geji ka tarar da PSI 40 ko fiye. Abin da ya dace da irin Boksa a kan kwalta shi ne kamar 25 a gaba, 28 a baya in kai kaɗai ne, 32 in da goyo. Taya mai 40 a cikin yashi wuƙa ce, yanka take yi tana nutsewa. Mutane da yawa da ke kukan kan babur na rawa, in aka dawo musu da iska daidai rabin matsalar ta tafi.

In hanyarka yawancinta rairayi ce, za ka iya saukar da gaba zuwa 18 ko 20, baya zuwa 22 in babu kaya. Taya ta ɗan baje, wurin da take taka ƙasa ya ƙara tsawo, ta daina nutsewa. Amma kada ka sauka ƙasa da 15. Tayoyinmu masu tub ne, kuma babu abin da ya riƙe taya da rim sai iskar nan. In ta yi ƙaranci, lokacin da ka ja totur rim zai juya taya ta tsaya, ta ja tub ɗin, bawul ya tsinke daga gindinsa. Irin wannan ba ta facuwa, sai sabon tub. Alamar ita ce ka duƙa ka kalli bawul: in ya miƙe yana kallon tsakiyar taya lafiya, in ya karkace gefe to taya ta fara zamewa. Shi ya sa nake sassauta ɗan notin da ke gindin bawul in mayar da shi sama kusa da murfi, don bawul ya samu damar karkacewa ka gani, maimakon ya tsinke ba gargaɗi.

Ɗan Maigatari, kai da kwarinka mita 60 ne kawai kuma da buhu, kada ka rage ta baya. Ka bar ta 30 zuwa 32, gaba ka sa 22. Taya mai ƙarancin iska da nauyi a kanta in ta daki dutse, rim yana matse tub ya huda shi wuri biyu kusa da juna, kuma in ka hau kwalta da ita zafi take yi.

Na Maradi: Ga 'yan uwa na wannan ɓangare da gejinmu ke nuna kilo: 25 ɗin Oga kamar 1.7 ne, 32 kuma 2.2, 20 kuma 1.4.

Mai Kayan Miya: Ni dai abin da nake yi in ruwa ya sauka hanya ta yi caɓi, ina bin inda ciyawa take, kuma ina tsayawa in cire lakar da ta cika tsakanin taya da madigadi da kara. Haka ya fi.

Autan Gumel: Malam, maganar yashin rani ake yi, ba laka ba.

Oga Bakanike: Ba laifi, bin gefen ciyawa a yashi ma yana aiki, don saiwoyi suna riƙe ƙasa ta yi ɗan tauri. Sai dai a kula da ƙaya da kututturen gero da aka sare.

Ɗaya abin da ke zuwa mini kullum daga masu hanyar yashi shi ne kuloci. Mutum ya shiga a babbar giya, injin ya yi ƙasa, sai ya kama rabin kuloci yana zuga wuta. Faifan kuloci suna gogar juna a cikin baƙin mai, zafi ya yi yawa, su ƙone. Za ka gane in a kan kwalta ka ja totur a giya ta huɗu, ƙara ta hau amma gudu bai ƙaru ba, kuma baƙin man ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna. Taɓa kuloci na daƙiƙa ɗaya don injin ya farfaɗo ba komai, riƙe shi rabi tsawon mita 60 shi ne ɓarna.

Ɗan Maigatari: To idan duk da haka ya kafe fa? Tayar baya ta tona rami har injin ya zauna a kan yashi.

Baban Hanifa: Da ka ji babur ya daina gaba taya tana juyawa a wuri ɗaya, ka saki totur nan take. Kowane juyi ƙarin zurfi ne. Ka kashe injin, ka sauke buhun, ka rufe makunnin mai da ke ƙarƙashin tanki, sannan ka kwantar da babur a gefensa, ɓangaren da ba salansa. Tayar baya za ta fito daga ramin da kanta. Ka tura yashi da ƙafa ka cike ramin, ka ɗaga babur, ka buɗe mai. Sai ka tsaya a hagunsa, ka tayar, ka sa giya ta ɗaya, ka saki kuloci a hankali kana tafiya tare da shi kana turawa da ƙugu. Kada ka hau sai tayar baya ta taka tauri. Buhun a kai za a ƙetarar da shi. Ya fi ƙoƙarin cicciɓar babur mai fiye da kilo 100 daga rami, wanda ke jawo ciwon baya.

Kuma in kana da zaɓin lokaci, ka ƙetare da sassafe. Rairayin da ya kwana da sanyi da raɓa ya fi riƙe taya a kan na azahar da rana ta busar ya saki.

Maman Sadiq: Sannunku da ƙoƙari. Mu da ake goyawa fa, me ya kamata mu yi? Ina ganin mata da yawa in babur ya fara rawa suna sauke ƙafa ko su karkata ɗaya gefen don su daidaita shi.

Baban Hanifa: Hajiya, wannan daidaitawar ita ce take kayar da su. Mai tuƙi yana gyara babur, ke ma kina gyarawa, gyara biyu sun haɗu sun zarce. Ki matso jikin kujerar gaba gwargwadon hali, ki riƙe ƙarfen baya ko gefen kujera da kyau, ƙafafu a kan mataki, ki zama kamar kayan da aka ɗaure. Ki tattara zani da mayafi kada su sauka wajen tayar baya. In zaman gefe ɗaya kika yi, ƙafafu biyu a ɓangare guda, to gaskiya in an zo rairayi mai zurfi ki ce a tsaya ki taka da ƙafa, don nauyinki ya riga ya rinjayi gefe ɗaya kuma ba ki da abin matsewa.

Autan Gumel: To Baba, a hanyar burji mai tsakuwa ma haka za a yi? A matsa baya a ja wuta?

Baban Hanifa: A miƙaƙƙiyar hanya kusan haka ne: totur a daidaice, hannu a sake, a bar babur ya ɗan yi yawonsa. A kwana kuwa akasin haka ne, kuma nan ne waɗanda suka saba da yashi suke faɗuwa. Tsakuwa ba ta nutsar da taya, mirginawa take yi a ƙarƙashinta a kan ƙasa mai tauri. Abin tsoro shi ne tayar gaba ta zame waje, kuma tana zamewa ne in babu nauyi a kanta. Don haka a kwanar burji ka matso gaba kusa da tanki. Ka gama birki babur yana miƙe kafin kwanar. Ka karkatar da babur kaɗan a ƙarƙashinka, jikinka ya tsaya a miƙe a samansa, ka danna matakin da ke waje, wato in kwanar hagu ce ka danna na dama. Kada ka kwanta tare da babur kamar yadda ake yi a kwalta. Totur kaɗan a riƙe har ka ga mafita, sannan ka ƙara.

Ka kuma lura da inda tsakuwar take. Tayoyin motoci suna share layi biyu su tara tsakuwa a tsakiyar hanya da gefuna, musamman wajen kwana. Ka bi shararren layin. In dole ka tsallaka tarin tsakiya, ka yi shi a miƙaƙƙen wuri, babur a tsaye, ba birki.

Autan Gumel: Ni dai a burji ba na taɓa birkin gaba sam. Wasu ma cire wayarsa suke yi.

Oga Bakanike: Cire shi kuskure ne babba. A yashi mai zurfi na yarda, kada a taɓa na gaba, sakin totur kaɗai ma ya isa tsayar da kai. Amma a burji in akuya ta fito, birkin baya shi kaɗai kulle taya zai yi, babur ya yi ta jan ƙasa yana juya gindi bai tsaya ba. Ka fara taka na baya, sannan ka matsa na gaba da yatsu biyu a hankali, kana ƙarawa yayin da nauyi ke sauka gaba. In ka ji gaba ta fara gurzar ƙasa ka sassauta ka sake matsawa. Fizga ce take kayarwa. A nemi fili mai burji a gwada a tafiyar 20 sau goma, hannu zai gane iyakar.

Na Maradi: Ni ina tsakaninku. Babur a miƙe, na gaba yana aiki. Da ya ɗan karkata ko kana gangara kan tsakuwa, ni ba na taɓa shi.

Saura ƙura. Mai tafiyar kilomita 40 a awa yana cin mita 11 kowace daƙiƙa. In babbar mota ta wuce ka ƙurarta ta rufe ka daƙiƙa uku, ka yi fiye da mita 30 ba ka ga komai ba, rami ne ko amalanke. Da ka hango ƙurar mota na tahowa, ka rage gudu tun kafin ta iso, ka kunna fitila, ka duba inda iska ke kaɗa ta. In a bayan mota kake, ka ja baya har sai kana ganin ƙasar hanya, kuma kada ka yi ƙoƙarin wuce ta a cikin ƙurar. Akwai kuma ramukan da ƙura mai laushi kamar garin tuwo ta cike su, samansu ya yi sumul daidai da hanya. In ka ga wuri ya yi fari fes babu sawun taya a tsakiyar hanya mai gargada, ka kauce masa.

Oga Bakanike: Kuma ƙurar nan injin ma yana shaƙar ta. Mai bin irin wannan hanya kullum da hunturu ya buɗe iyakilina duk mako. In na soso ne, a wanke da kananzir, a matse a tafin hannu ba a murɗe ba don kada ya yage, a bari ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse ya ratsa ko'ina. Busasshen soso ƙura wuce shi take yi. In na takarda ne ba a wankewa, a kakkaɓe, in ya toshe a canza. Bayan ka cire shi ka sa yatsa a bututun da ke zuwa kafireta: in ka ji ƙasa-ƙasa, to ƙura tana wucewa, ko soson ya yage ko murfin bai zauna ba, kuma ita ce take cinye ringi har babur ya fara hayaƙi. Murfin sarƙa ma kada a cire shi don gayu, yashi da mai in sun haɗu a kan sarƙa sai su cinye haƙoran sifoket.

Ɗan Maigatari: Allah Ya saka da alheri. Abu ɗaya ya rage mini. A cikin kwarin akwai sawun tayoyin motoci masu zurfi guda biyu, da kuma yashin gefe da ba a taka ba. Wanne zan bi?

Baban Hanifa: Ka shiga sawu ɗaya tun daga bakinsa ka zauna a ciki har ƙarshe. Gindinsa ya fi dannuwa. Kada ka yi ƙoƙarin fita a tsakiya, don tayar gaba za ta hau gefe, ta baya kuwa ta zauna a ciki.

Na Maradi: In sawun bai wuce tsawon yatsa ba na yarda. In ya yi zurfin da matakan ƙafa ke taɓa gefensa, ko yana lanƙwasa, ni gefen da ba a taka ba zan bi, samansa yana da ɗan ɓawo da iska ta danne. Ɗan Maigatari, ka aje moton ka taka su biyun da ƙafa ka ga inda dunduniyarka ta fi nutsewa, ka kuma auna mana zurfin sawun.

Ɗan Maigatari: To, jibi ranar kasuwa zan bi ta wurin, zan auna in Allah Ya yarda.